"Dakta, Kuɗinmu Bai Kai Ba"

A shekarar 2021 wata ƙungiya ta neme ni in fassara mata littafin horar da malaman firamare daga Turanci zuwa Hausa. Na duba shafukan, na auna kwanakin da aikin zai ci, na rubuta musu Naira dubu 450. Kashegari jami'in ya kira ni, muka gaisa, ya ce: "Dakta, gaskiya kuɗin da aka ware bai kai haka ba." Kafin ya rufe baki na ce, "To a bar shi dubu 300." Bai taya ba, bai ma faɗi nawa aka ware ba. Ni da bakina na zabge kashi ɗaya cikin uku na kuɗin aikina a cikin numfashi guda. Ya yi ɗan shiru, sannan ya yi dariya ya ce, "To Dakta, ita wannan dubu 150 ɗin da ma ta mece ce?" Ban sami amsar da zan ba shi ba.

Na yi aikin na mako biyar ina jin haushin kaina. Da aka zo biya aka cire kashi 5 cikin 100 na harajin da ake riƙewa daga kuɗin irin wannan aiki, abin da ban sa a lissafi ba. Bayan wata takwas wata ƙungiyar ta daban ta kira ni da aiki makamancinsa, kuma kafin in ce komai aka ce mini, "An gaya mana dubu 300 kake yi." Ragin da na yi wa mutum ɗaya saboda kunya ya zama farashina a bakin mutanen da ban taɓa gani ba.

Mu malaman jami'a muna da wannan rauni. Mun saba da albashi, wanda wani ne yake yanke shi ba tare da an yi ciniki da mu ba. Idan muka fito yin aikin gefe, ko horarwa ne ko bincike ko fassara, sai mu ji nauyin maganar kuɗi, kamar ambaton farashi yana rage wa ilimi daraja. Da zarar mai nema ya ce kuɗinsa bai kai ba, sai mu ji kamar an kama mu da haɗama, mu yi sauri mu wanke kanmu da ragi. Abin da na koya bayan wannan faɗuwa shi ne, "kuɗinmu bai kai ba" jimla ce mai ma'ana fiye da ɗaya, kuma wanda ya amsa ta da sabon farashi kafin ya san wacce ake nufi ya yi ciniki da kansa ne, mai saye yana gefe yana kallo.

Kawuna ya yi shekara talatin yana sayar da hatsi a kasuwar Dawanau. Idan aka taya masa buhun gero ƙasa da abin da zai iya, kalma ɗaya yake faɗi: "Albarka." Ba ya fushi, ba ya kare kansa, ba ya kuma sauko da farashi nan take. Kalmar tana nufin bai sallama ba, amma ƙofa a buɗe take, kuma yanzu magana ta koma wurin mai saye. Shi ma mai tsire yana da nasa darasin. Idan ka ce masa Naira 500 gare ka, ba zai ba ka naman dubu ɗaya a kan 500 ba. Zai yanka maka na 500. Waɗannan abubuwa biyu, albarkar kawuna da wuƙar mai tsire, su ne duk abin da na yi amfani da su a cinikin da zan ba da labarinsa.

A farkon zangon karatu na bara, wata Hajiya mai makarantar kuɗi, firamare da ƙaramar sakandare a rassa biyu, ta aiko a kira ni. Tana son a horar da malamanta 40 dabarun koyarwa. Na zauna na yi lissafi dalla-dalla kafin in rubuta mata komai. Mataimaka biyu da za su riƙe rukunoni, Naira dubu 40 kowanne a rana har kwana uku, dubu 240 ke nan. Buga littafin jagora kwafi 40, dubu 140. Abincin rana na kwana ukun, dubu 270. Kwali da alƙaluma da sauran kayan aiki, dubu 60. Mai da zirga-zirga, har da komawa rassan biyu bayan mako shida don in shiga aji in ga yadda malaman suke aiki da abin da suka koya, dubu 130. Jimlar abin da zai fita daga hannuna zuwa hannun wasu ta kama dubu 840. Nawa ladan kuwa dubu 360 ne, na kwana tara: huɗu na shiri, uku na horarwa, biyu na bibiya. Duka Naira miliyan 1 da dubu 200.

Hajiya ta karɓe ni a ofishinta, takardar tana gabanta. Bayan gaisuwa ta ce, "Dakta, aikin ya yi mini, amma kuɗinmu bai kai ba. Dubu 800 ce da ni."

Ya kamata mai karatu ya san halin da nake ciki a lokacin, don kada ya ɗauka daga kan tudu nake magana. Motata tana wurin bakanike tana jiran gyaran inji, kuma ban gama biyan kuɗin makarantar 'ya'yana biyu ba. Ina bukatar aikin nan ƙwarai. Abin da ya fara zuwa bakina shi ne in ce mu raba bambancin, a bar shi miliyan ɗaya. Abin da ya riƙe harshena shi ne lissafin da na riga na yi a gida. Ragin dubu 200 a kan miliyan 1 da dubu 200 bai kai kashi 17 cikin 100 ba, kuma a kunne ba shi da yawa. Amma mai buga littafi ba zai rage mini ba, mai abinci ba za ta rage ba, gidan mai ma haka. Duk ragin daga ladana zai fita, dubu 360 ta koma dubu 160, wato fiye da rabi ya tafi. Idan kuwa na karɓi dubu 800 ɗin a kan aikin yadda yake, zan yi kwana tara kyauta, in kuma cika dubu 40 daga aljihuna. Wanda bai raba kuɗin da zai kashe da ladansa ba kafin ya shiga ɗakin ciniki, ba zai ga wannan ramin ba sai ya faɗa.

Sai na ce, "Ranki ya daɗe, na gode da kika faɗa mini gaskiyar abin da ke hannunki. Wannan farashin ban sa masa ƙarin da za a zo a rage ba, kowane layi ga abin da zai saya. Amma kafin mu taɓa kuɗi, ina son in yi miki tambaya biyu ko uku." Na faɗi maganar ƙarin ne da gangan. A kasuwanninmu mai saye ya saba cewa farashin farko yana ɗauke da abin da za a zubar a wurin tayi, kuma rashin tayi akan bar araha. Hajiya ba ta yi laifi ba da ta gwada. Nawa ne in sanar da ita cewa wannan takardar ba a kan wannan tsari aka rubuta ta ba.

Tambayar farko ita ce yadda aka yi ta tsaya a kan dubu 800. Wannan tambaya tana rarrabe ma'anoni uku da jimlar take iya ɗauka. Wani idan ya ce kuɗinsa bai kai ba, tayi ne kawai yake yi don ya ga ko za ka motsa, irin wannan ba ya iya bayyana inda adadinsa ya fito, sai ya ce "haka dai muka ga ya dace." Wani kuma yana da kuɗin, amma bai ga abin da zai sa aikin ya kai haka ba, yawanci don yana kwatanta shi da wani abu mai araha da ya taɓa saya, shi za ka ji ya ambaci wani da ya yi masa a ƙasa da haka. Na uku shi ne wanda da gaske iyakar abin da ke hannunsa ke nan, kuma zai iya gaya maka dalili da lokaci. Maganin kowanne daban ne. Na farko haƙuri da shiru yake bukata, na biyu bayani, na uku kuma sai an sake yanka aikin. Ragi nan take ba ya warkar da ko ɗaya daga cikinsu: mai tayi zai ƙara tayawa, mai shakka zai ƙara shakka, mai ƙaramin aljihu kuwa wataƙila ragin ma bai kai inda yake ba.

Amsar Hajiya ta haɗa biyu. Ta ce shekarar da ta wuce wani ya zo ya yi wa malaman lacca ta yini ɗaya a kan dubu 250, don haka da ta ga miliyan ta razana. Sannan ta ce dubu 800 ita ce abin da ya rage a asusun wannan zango bayan albashi da gyaran rufin reshe na biyu, kuma iyaye da yawa ba su gama biya ba. Na tambaye ta me ya canza a azuzuwan bayan laccar bara. Ta yi murmushi ta ce, "An dai ba su takardar shaida." Ban ce komai a kan mutumin ba. Kushe wanda ya riga ka ba ya ƙara maka daraja, kuma ita da kanta ta riga ta faɗi abin da ya kamata a faɗa.

Tambaya ta biyu ita ce wadda ta juya zancen. Na ce, "Hajiya, me ya faru a makarantar da ya sa kika neme ni yanzu, ba bara ba, ba baɗi ba?" Roger Fisher da William Ury na Jami'ar Harvard, a littafinsu na 1981 a kan sasantawa, sun bambanta matsayin da mutum ya furta da bukatar da ta sa ya furta shi. Matsayin Hajiya shi ne malamai 40 a kan dubu 800. Bukatarta kuwa sai da ta ɗan yi jim kafin ta faɗa. Ɗaliban aji shida sun yi rauni ƙwarai a lissafi a jarrabawar shiga sakandare, iyaye uku sun cire 'ya'yansu sun kai wata makaranta da ke bayan layinsu, kuma ta ji ana maganar a wurin wani biki. Na tambaye ta malamai nawa ne suke koyar da lissafi daga aji uku na firamare zuwa ƙarshen ƙaramar sakandare. Ta kira shugaban malamai, aka ƙirga: 18. Sauran 22 ta sa su ne don kada wani ya ce an ware shi.

Tambaya ta uku gajeriya ce: matsalar yawan kuɗin ce ko lokacin biyansa? Ta ce idan aka shiga zango na biyu a watan Janairu abubuwa sukan ɗan saki, amma ba ta son ta ɗauki alkawarin da ba ta da tabbas a kansa. Na ga wannan amsa ta mai gaskiya ce, na kuma daina tunanin cewa tayi kawai take yi.

Ban ba ta sabon farashi a wurin ba. Na ce ta ba ni kwana biyu. Wanda ya sake lissafi a gaban mai saye yakan manta wani layi, kuma kullum layin da ake mantawa nasa ne. Bayan kwana biyu na kai mata zaɓi biyu a shafi ɗaya. Na farko, aikin yadda yake, malamai 40 a kan miliyan 1 da dubu 200, ta biya dubu 800 yanzu, sauran dubu 400 a watan Janairu kafin ziyarar bibiya. Na biyu, malaman lissafi 18 kaɗai, kwana ukun dai, kuma duk darussan a kan lissafi. Mataimaki ɗaya ya isa, dubu 120. Littafi kwafi 20, dubu 80, domin idan kwafi ya yi kaɗan kuɗin kowanne yakan ɗan hau. Kayan aiki dubu 40, zirga-zirga tana nan a dubu 130, ladana yana nan a dubu 360, tunda kwanakina tara ba su ragu ba. Jimla dubu 730. Abinci kuwa na cire shi daga takardata na mayar wa makarantar, saboda suna da masu dafa wa ɗalibai, na kuma rubuta ƙarara cewa wannan zai ci mata kimanin dubu 70. Ban so ta ɗauka kuɗin ya ɓace ne alhali wurinta ya koma. Idan aka haɗa, dubu 800 ɗinta ke nan. A ƙasan shafin na rubuta cewa farashin na kwana 30 ne, domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba mai iya rantsuwa a kan kuɗin takarda ko na mota bayan wata guda.

Ta karanta, sai ta kawo tata shawarar. Ta ce, "Dakta, me zai hana a bar su su 40 ɗin, a cire wannan komawar da za ka yi bayan mako shida?" A nan ne na ce albarka. Na gaya mata cewa ko an cire bibiyar, abin da zai ragu bai fi dubu 150 ba, bai kai gibin dubu 400 ba. Sannan ita bibiyar ce take bambanta wannan aiki da laccar bara. Malami yakan fita daga horo da niyya mai kyau, ya koma aji mai yara 45, cikin mako biyu ya koma yadda ya saba, sai fa idan ya san akwai wanda zai zo ya zauna a bayan aji ya gani, su kuma tattauna bayan darasi. Na ce mata zan iya rage yawan mutane, zan iya sauya wanda zai dafa abinci, zan iya jiran kuɗi, amma ba zan sayar mata da abin da na san ba zai yi mata magani ba. Duk mai rage aiki don ya dace da aljihun mai saye dole ya san wane sashe ne idan aka cire shi sauran ya zama banza, ya kuma ƙi taɓa shi.

Ta ce za ta yi shawara. Kwana takwas ban ji daga gare ta ba. A rana ta biyar na ɗauki waya na rubuta saƙo cewa na amince da dubu 650, na daɗe ina kallonsa, sannan na goge. Da na aika, da na koya mata cewa shirunta na kwana biyar ya kai Naira dubu 80, kuma da ta ƙara wasu kwanakin. Abin da na aika a rana ta bakwai shi ne gaisuwa, da tambayar ko akwai abin da bai fito sarai ba a takardar, da tunin cewa ina bukatar mako biyu na shiri idan ana son a yi horon a hutun tsakiyar zango. Kashegari ta kira ta ce a yi na biyun, ta kuma turo rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami. Da muka zo rabuwa ta ce, "To Dakta, ba ko gyara?" Na ce akwai. Na ba ta izinin ta sake buga littafin jagorar don amfanin makarantarta duk lokacin da ta so. Ni bai ci mini ko sisi ba, ita kuwa yana da amfani a wurinta. Haka gyara take a wurin masu awo: ɗan abin da aka ɗora a kan mudu bayan an gama ciniki, farashin mudun yana nan yadda yake.

Ba ina cewa ragi haramun ne ba. Akwai inda yake da hujja, kuma alamarsa ita ce za ka iya faɗin dalilinsa da baki ɗaya ba tare da ka sunkuyar da kai ba. Da Hajiya ta dawo a zango na uku tana son a yi wa sababbin malaman lissafi shida da wasu na makarantar ƙanwarta irin wannan horo, na rage dubu 120 daga ladana, domin kwana huɗun shiri sun koma ɗaya, littafin yana nan a rubuce. Wanda ya biya duka tun farko ma yana iya samun sassauci, saboda ya ɗauke maka wahalar bin bashi. Haka kuma mutum yana iya yi wa makarantar marayu ko ta unguwarsu aiki a rabin kuɗi don Allah. A irin wannan nakan rubuta cikakken farashin, in rubuta abin da na yafe a ƙarƙashinsa, don a san kyauta ce aka yi, kada gobe a ce farashina ke nan. A duk waɗannan akwai amsa idan aka sake yi mini tambayar da jami'in nan ya yi mini a 2021.

Wannan hanya ba kullum take kai wa ga ciniki ba. A wannan shekarar wani mai makaranta ya ce shi dubu 300 gare shi, kuma yana son malamai 35, kwana uku, da abinci da takardar shaida. Na yi masa tambayoyin nan uku, na ga ba abin da zan iya yankawa ya dace da kuɗinsa ya kuma amfane shi. Na gaya masa haka cikin girmamawa, na haɗa shi da wani ɗalibina mai digiri na biyu da zai iya yi masa bita ta yini ɗaya, na kuma faɗa masa iyakar abin da yini ɗaya zai iya yi. Na rasa aikin, kuma a watan ina da bukatar kuɗin. Sannan akwai gargaɗin da nake yi wa kaina: idan mutum huɗu ko biyar a jere, waɗanda suka fahimci aikin sarai kuma suke da bukatarsa, duk suka tsaya a kusan adadi ɗaya ƙasa da nawa, to ba su ne suke da matsala ba. Ko dai farashina ya wuce kasuwar da nake ciki, ko kuwa ina ƙwanƙwasa ƙofofin da ba nawa ba. Wannan gyara ne da ake yi a gida, a kan teburi, ga kowa da kowa, ba a gaban mutum ɗaya don ya ɗaure fuska ba.

Bayan mako shida na koma reshe na biyu, na zauna a bayan aji biyar. Malamar ta raba wa yara takardu ta sa suna naɗewa gida huɗu, gida takwas, suna gano da hannunsu cewa biyu bisa takwas daidai yake da ɗaya bisa huɗu. A wani ajin kuma na tarar malamin ya koma rubuta ƙa'ida a allo yara suna kwafa, muka zauna da shi rabin awa bayan an tashi. Da an cire bibiyar don a cike gibin kuɗi, da ba wanda zai san da shi. Da na fito, Hajiya tana tsaye a bakin ofis, ta ce in shigo a ba ni cikon kuɗina. Ta ƙirga dubu 365 ta tura, ba ta nemi a rage ko Naira ɗaya ba, ni ma ban ji kunyar karɓa ba.